Jawabin Asambuli kan Sauyin Damina: Tambayoyin Ɗalibai da Amsoshinsu

Idan bazara ta shigo, makarantu da yawa sukan ba wani ɗalibi ko ɗaliba minti biyar a asambuli su yi magana kan sauyin yanayi. A matsayina na malamin labarin ƙasa, waɗanda aka ɗora wa wannan aiki sukan zo mini da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, a minti biyar me zan faɗa? Maganar tana da faɗi.

Ki ɗauki abu ɗaya ki riƙe shi. Yawancin jawaban da nake ji suna cewa “ruwan sama ya ragu, mu dasa itatuwa”, a tafa, a wuce aji. Rabin farko na wannan magana bai cika daidai ba, rabi na biyu kuma ya yi kaɗan. Abin da ya fi damun manomi a ƙasar Hausa a yau shi ne yadda ruwan yake zuwa: ba a da tabbacin ranar da damina za ta kankama, ana samun ɗaukewar ruwa bayan an yi shuka, sannan idan ya tashi zuba sai ya zubo da yawa a cikin sa'o'i kaɗan. Gona biyu za su iya samun milimita 700 a shekara, ɗaya ta cika rumbu, ɗaya ta tashi a tutar babu, domin ta farko ta sha ruwanta kaɗan-kaɗan cikin wata huɗu, ta biyu kuwa ta samu nata a 'yan manyan ruwa da suka wanke takin suka wuce. Wannan shi ne ƙashin bayan jawabinki.

Daga ina ruwan damina yake zuwa mana tun farko?

Daga tekun Atilantika. Iska biyu ne ke musayar wuri a kanmu. Akwai busasshiya da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, wadda ke kawo hazo da sanyin hunturu. Akwai kuma mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku. Yayin da rana ke gasa ƙasa a bazara, iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta tashi sama, ta teku kuma ta kutso ta maye gurbinta, iyakar ta yi ta matsowa arewa har ta wuce Agadas a watan Agusta. Ruwa mai ƙarfi yana biye da ita a baya da tazarar ɗaruruwan kilomita.

Shi ya sa Abuja ke riga Zariya samun ruwa, Zariya ta riga Kano, Kano ta riga Maraɗi da Damagaram, kuma idan ya tashi janyewa na arewa ne ke fara rasa shi. Akwai abin da ke rikita ɗalibai: laimar daga kudu maso yamma take, amma hadari daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne iskar da ke can sama, wadda ke tura gajimaren, daga gabas take kaɗawa zuwa yamma. Idan ka faɗi wannan a asambuli kowa zai gyaɗa kai, domin kowa ya san gabas ake duba idan gari ya haɗe.

Da gaske ne ruwa ya fi yawa a zamanin kakanninmu?

Ya danganta da wane zamani. Shekarun 1950 da farkon 1960 lokacin ruwa ne sosai a yankin Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya fara ja da baya, aka yi mummunan fari a 1972 da 1973, aka sake yin wani a 1983 da 1984. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 ruwan yankin ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan. Kafin duk wannan ma an yi yunwar Kakalaba wajen 1913 zuwa 1914, saboda haka fari ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Daga shekarun 1990 jimillar ruwan ta fara farfaɗowa, amma da wani sabon hali. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadarurruka mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wato ƙarin da aka samu, yawancinsa ta hanyar ruwa mai ƙarfi ya zo, ba ta ƙaruwar ranakun da ake ruwa ba. Idan kakarki ta ce miki a da akan kwana ana yayyafin marka har a rasa busasshen icen girki, kada ki ɗauka zancen tsufa ne. Ki sa maganarta a jawabin, sannan ki kawo alƙaluman su tsaya mata.

To me ya jawo wannan sauyin?

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, kuma ka raba shi biyu, domin farin shekarun 1970 da 1980 da ruwa mai ƙarfi na yanzu ba dalilinsu ɗaya ba ne gaba ɗaya.

Farin baya, babban dalilinsa yana cikin teku. Damina tana karkata wajen ɓangaren tekun da ya fi ɗumi. A waɗancan shekaru arewacin Atilantika ya yi sanyi idan aka gwada shi da tekunan kudu, sai iyakar nan ta iska ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Wani ɓangare na sanyin sauyi ne da teku ke yi da kansa, wani ɓangaren kuma daga hayaƙin farar wuta ne da masana'antun Turai da Arewacin Amurka suka riƙa fitarwa, wanda ke tare hasken rana. Da waɗannan ƙasashe suka rage hayaƙin saboda lafiyar mutanensu, arewacin tekun ya sake ɗumi, ruwanmu ya fara dawowa.

Na yanzu kuwa ɗumamar duniya ce. Ƙona man fetur, gas da kwal, da share dazuzzuka, sun ƙara iskar kabon a sararin sama daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Wannan iska tana barin hasken rana ya shigo, amma tana riƙe wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Duniya ta ƙara zafi da sama da digiri 1, kuma 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Alaƙar wannan da ruwa mai sauƙi ce. Kowa ya san wanki ya fi saurin bushewa a bazara fiye da lokacin sanyi, domin iska mai zafi ta fi ɗaukar laima. A lissafi, kowane ƙarin digiri 1 yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin ɗari. Sakamakon ya kasu biyu: tana tsotse damshin gona da sauri tsakanin ruwa da ruwa, kuma ranar da hadari ya haɗu yana da abin zubarwa fiye da da. Ga kuma Sahara da ke ƙara zafi fiye da ƙasashen kudu da ita, bambancin zafin kuma yana ƙara wa iskar da ke gina hadari ƙarfi.

Game da nan gaba, yawancin hasashen masana ya nuna tsakiya da gabashin Sahel, inda muke, za su iya samun ƙarin ruwa, yammaci wajen Senegal kuma ya ragu. Inda bakinsu ya fi zuwa ɗaya shi ne ƙarin zafi da ƙarin ruwa mai ƙarfi.

Ni an koya mini cewa sare itatuwa ne ke korar ruwa. Ƙarya ce ke nan?

Ba ƙarya ba ce, amma an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. A shekarun 1970 masana da yawa sun ɗora laifin fari a kan makiyaya da masu saran ice, kuma wannan bayani ya shiga littattafan makaranta ya zauna. Binciken baya ya nuna teku ne jagora, yanayin ƙasa da tsirrai kuma suna ƙara wa abin tsanani. Ina damuwa da wannan sosai, domin ba adalci ba ne yaro ya tsaya gaban makaranta ya nuna cewa mahaifiyarsa mai girki da ice ita ta kori damina, alhali duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya daga man fetur da kwal.

Amfanin itace da ba a jayayya a kansa a ƙasa yake. Yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, saiwarsa na buɗe wa ruwa hanyar nutsewa, ganyensa na zama taki, yana kuma tare iskar da ke binne ƙananan shuka da rairayi. Ka ce itace yana riƙe ruwan da ya sauka. Wannan za ka iya kare shi ko a gaban wa.

Idan wani ya ce ruwa na Allah ne, mutum ba shi da hannu a ciki fa?

Ki yarda da shi cewa ruwa na Allah ne, domin haka yake, kuma iyayenmu na fita roƙon ruwa idan ya ɗauke. Sai ki tuna masa cewa Allah ya sanya wa abubuwa sababi. A Suratur Rum, aya ta 48 ta ambaci aiko da iskoki su motsa girgije, aya ta 41 kuma ta ambaci ɓarna da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Kafin ki karanta aya a bainar jama'a, ki kai wa malamin addini ya duba miki karatun da fassarar. Idan makarantarku ta haɗa Musulmi da Kirista, jimla ɗaya kan amanar da aka ba ɗan'adam ta kula da ƙasa ta wadatar da kowa.

Zan iya kawo ambaliyar Maiduguri a matsayin misali?

Za ka iya, da sharaɗin ka faɗi labarin duka. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ruwan ya mamaye babban ɓangare na birnin. Ta taɓa yin irin haka a 1994. A 2022 ma ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. Ruwan sama mai ƙarfi yana cikin dalilan, haka nan yanayin madatsun ruwa, da gini a kan hanyar ruwa, da cike kududdufai a mai da su fulotai, da magudanan da leda ta toshe. Idan ka jingina komai ga sauyin yanayi ka wanke masu laifi. Ka kuma duba fuskokin masu sauraronka: wataƙila a cikinsu akwai wanda gidansu ya rushe, saboda haka a faɗe shi da tausasawa.

Mene ne ɗalibi zai iya yi wanda ba surutu kawai ba?

Ya auna ruwa. Na fi son wannan a kan komai, domin tashoshin auna ruwa sun yi mana kaɗan, ruwanmu kuma na yanki-yanki ne: a yi shi kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, na gaba ko ɗigo bai samu ba.

A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, kamar babban gwangwanin madarar gari. A kafa shi a fili, bakinsa a miƙe ba a karkace ba, kusan santimita 30 daga ƙasa don kada ruwan da ya fantsamo ya shiga. Nisansa da gini ko itace ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin. Idan darbejiyar makaranta ta kai mita 8, a matsa mita 16. A kewaye shi da ƙaya ko waya saboda awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta zurfin a milimita, a rubuta, a zubar.

Rula ba ta iya karanta ƙaramin ruwa da kyau, to ga dabara. Idan faɗin bakin gwangwanin santimita 10 ne, filin bakinsa murabba'in santimita 78.5 ne, saboda haka kowane milimita 1 na ruwan sama zai tara mililita 7.85. A zuƙe ruwan da sabon sirinji marar allura, a raba abin da aka samu da 7.85. Mililita 63 ya zama milimita 8.

Kurakuran da na fi gani guda uku ne. Amfani da bokiti mai faɗin baki da tsukakken gindi, wanda ke ƙara lissafi. Barin ruwan har azahar, rana ta shanye wani. Da kuma barin gurbi a ranar da ba a yi ruwa ba. A rubuta 0, domin in an bar wurin fayau, bayan wata biyu ba wanda zai san ko ba a yi ruwa ba ne ko mai aunawa ne bai zo ba, kuma waɗannan sifirorin su ne ke nuna ɗaukewar ruwa.

In mun tara lambobin, me za mu yi da su?

Za ku gane ruwan shuka na gaskiya da na yaudara. Akwai ƙa'idar da masu binciken noma a Sahel suka daɗe suna amfani da ita: damina ta kankama idan, daga 1 ga Mayu, aka samu milimita 20 ko fiye a cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu ɗaukewar ruwa da ta wuce kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya.

Mu ɗauki misali. A ce littafinku ya nuna milimita 24 ranar 14 ga Mayu. Sharaɗin farko ya cika, gari ya fita shuka. Sai sifiri ya jeru daga 15 har 30 ga wata, kwana 16. Geron da ya tsiro a jigawa ya ƙone, iri ya tafi. Ranar 9 ga Yuni aka samu 8, ranar 10 babu, ranar 11 aka samu 17: jimla 25. Daga nan har 11 ga Yuli tazara mafi tsawo kwana 5 ce. To 9 ga Yuni ce farkon daminar wannan shekara, kusan mako huɗu bayan ruwan farko.

Iyakar ƙa'idar a fili take: sai bayan wata guda ake tabbatarwa, manomi kuma ba zai zauna jira ba. Amfaninta yana fitowa idan littafin ya tara shekaru, a ga sau nawa ruwan tsakiyar Mayu ya yaudari garin. Littafin shekara ɗaya ba ya nuna sauyin yanayi. Masana da shekara 30 suke gwadawa. Kafin nan, ku haɗa da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, mai nuna lokacin da ake sa ran farawa da ƙarewar ruwa. A Nijar cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana irin wannan aiki ga yankin. Ɗalibin da ya karanta wa mahaifinsa cewa ana hasashen gajeriyar damina ya ba shi dalilin neman iri mai saurin nuna.

Ai tsakiyar damina muna hutu. Wa zai auna?

Nan ne aikin ya fi mutuwa, domin dogon hutu yana cinye Agusta, watan da ya fi kowane ruwa. Tun kafin jarrabawa a ba ɗalibai biyu da ke kusa da makaranta littafin, a kuma roƙi baba maigadi ya sa ido a kan gwangwanin. Kada a ɗauke shi a kai gidan wani, domin sauya wuri yana ɓata gwaji.

Dashen itatuwa fa? Kowace shekara muna dasawa suna mutuwa.

Suna mutuwa ne don ana dasa ɗari a ranar biki, ba mai kula da ko ɗaya. Gara goma, kowanne da ajin da ke da shi. A dasa bayan damina ta zauna, a cire ledar, a kewaye shi, a kuma yi masa gurbi mai siffar rabin wata da bakinsa ke fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Jarrabawarsa ita ce ranin farko, daga Maris zuwa Mayu. Wanda aka shayar ya tsallake wannan, galibi ya tsira.

Akwai hanyar da ta fi dashe arha, kuma maƙwabtanmu ne suka nuna wa duniya ita. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin kututturen da ke tohowa a gona: a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su. Tsohuwar saiwa na nan a ƙasa, don haka ba ya buƙatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ku zaga bayan ajujuwa, za ku tarar da kalgo, sabara, aduwa ko gawo suna tohowa ana sare su duk ranar shara. Gawo ma yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa.

Mu 'yan birni ne, ba mu da gona.

Kuna da rufi da kwata. Milimita 1 na ruwa lita 1 ce a kan kowane murabba'in mita. Ginin ajujuwa mai tsawon mita 20 da faɗin 9 yana da murabba'in mita 180. Ruwan milimita 30 zai sauke masa lita 5,400. Ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 4,320, wato jarka 172 masu cin lita 25, daga ruwa ɗaya. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufin, a rufe tankin saboda sauro, a yi shara da ban ruwan itatuwa da shi. Ba a sha sai an tace an tafasa.

Yashe magudanar gaban makaranta kuma a yi shi a Afrilu ko farkon Mayu, da shebur da safar hannu, malami na tsaye. Abin da aka kwaso a kwashe shi a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. Kuma kada kowa ya shiga kwalbati ko ya ratsa ruwa mai gudu, ko da iya gwiwa ne.

Yaya zan tsara jawabin kansa?

Bayan sallama da gaida shugaban makaranta, malamai da 'yan'uwa ɗalibai, ki fara da tambayar da za su amsa da hannu, misali: “Wa aka sake shuka a gonarsu bara? Wa ruwa ya shiga gidansu?” Idan hannaye suka tashi a duka biyun, kin riga kin nuna musu matsalar. Minti biyu ki ba wa iska biyu da ɗumamar duniya. Lambobi kada su wuce uku, domin wanda ke tsaye a rana ba ya riƙe fiye da haka. Ni zan zaɓi 1984, kashi 7 cikin ɗari, da lita 5,400.

Ragowar lokacin na aiki ne. Ki ɗaga gwangwanin da rular kowa ya gani, ki faɗi inda za a kafa shi, ajin da zai fara aunawa, da allon da za a riƙa rubuta sakamakon kowace Litinin. Amma ki nemi amincewar shugaban makaranta da malamin ajin tun kafin ranar, don kada ki sanar da abin da ba a shirya ba.